Darasi: Yadda Za Mu Gane Jarin Yaudara Kafin Ya Cinye Kuɗinmu

Bayan girbi, lokacin da aka sayar da masara, waken suya ko shinkafa, kuɗi yakan ɗan zauna a hannun mutanen ƙauye. A irin wannan lokaci ne ake zuwa mana da labarin wani kamfani ko wata ƙungiya da ke cewa: "Kawo dubu hamsin, duk ƙarshen wata ka karɓi dubu goma sha biyar, uwar kuɗinka kuma tana nan." Sau da yawa mai kawo labarin ba baƙo ba ne. Ɗan'uwa ne da muke sujada tare, ko 'yar'uwa a zumuntar mata, kuma da gaske an biya shi sau ɗaya ko sau biyu. A wannan darasi za mu bi kuɗin sawu da sawu mu ga inda yake fitowa da inda yake ƙarewa, sa'an nan mu duba alamun da za su taimake mu gane irin wannan tarko tun da wuri. Zai yi kyau a karanta shi a cikin ƙungiya, da allo ko takarda a kusa, domin kowa ya yi lissafin da hannunsa.

Abin da ya riga ya faru

Wannan dabara tsohuwa ce. A shekarar 1920, a birnin Boston na Amurka, wani mai suna Charles Ponzi ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45. Yana biyan na farko da kuɗin na baya, har abin ya rushe a cikin shekarar. Shi ya sa har yau ake kiran irin wannan zamba da sunansa.

A Najeriya mutane da yawa suna tunawa da MMM. Wani ɗan Rasha, Sergei Mavrodi, ne ya kafa shi, kuma irinsa ya riga ya rushe a Rasha a 1994. Ya shigo Najeriya a 2015 da alkawarin kashi 30 cikin ɗari kowane wata. Ba a ma kira shi jari ba, cewa aka yi taimakon juna ne: ka taimaki wani yau, a taimake ka da ƙari bayan kwana talatin. Wanda ya kawo sabon mutum kuma yana da nasa lada. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, amma mutane suka ce ai ana biya. A watan Disamba na 2016, ana shirin Kirsimeti, aka rufe asusun mutane, aka ce na wata ɗaya ne kawai. Hukumar inshorar ajiyar banki, wato NDIC, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 3 sun yi asarar wajen Naira biliyan 18.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Afrilu na 2025 wani da ake kira CBEX ya rushe. Shi alkawarinsa ya ninka kuɗin mutum cikin kwana talatin, ta wayar hannu. Suna yakan canja, labarin sana'ar da ake cewa ana yi ma yakan canja: yau man fetur, gobe canjin kuɗin ƙasashen waje, jibi gonar kaji ko kuɗin intanet. Amma yadda kuɗin ke tafiya iri ɗaya ne.

Mu bi kuɗin

Bari mu ɗauki misali. Wani mutum ya buɗe ofis a garin da kasuwarmu take ci. Yana karɓar Naira 50,000 daga kowane mutum, ya yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari, wato Naira 15,000, duk wata. Ba ya wata sana'a da kuɗin. A akwati yake ajiye su.

A wata na fari mutum 10 suka shiga. Ya tara Naira 500,000. A ƙarshen wata ya biya kowa 15,000, jimla 150,000. Saura 350,000 a akwati. Mu lura: abin da ya ba su a matsayin riba, daga cikin kuɗinsu ne ya yanko ya mayar musu. Amma su goman sun koma gida suna ba da labari.

A wata na biyu sabbi 20 suka shiga da Naira 1,000,000. Akwati ya zama 1,350,000. Yanzu mutum 30 zai biya, wato 450,000. Saura 900,000.

A wata na uku labari ya bazu, sabbi 40 suka kawo 2,000,000. Akwati ya kai 2,900,000. Ya biya mutum 70, wato 1,050,000. Saura 1,850,000. A wannan wata kowa yana murna, ofis cike da mutane. Amma uwar kuɗin da ake binsa ta kai 3,500,000. Da a ce duka za su zo rana ɗaya su ce a ba su nasu, abin da ke akwati ɗan fiye da rabi kawai zai biya.

A wata na huɗu damina ta kusa, mutane suna sayen taki, sabbi 20 ne kawai suka shiga da 1,000,000. Akwati 2,850,000. Ya biya mutum 90, wato 1,350,000. Saura 1,500,000, ana binsa 4,500,000.

A wata na biyar babu sabon da ya zo. Idan ya biya ribar wannan wata, 150,000 ne kawai zai rage masa. Don haka ba zai biya ba. Zai ce na'ura ta sami matsala, ko banki ya riƙe kuɗi, ko gwamnati tana yi musu hassada. Bayan mako biyu a tarar da kwaɗo a ƙofar ofis, ya tafi da Naira 1,500,000.

To, wa ya ci, wa ya rasa? Goma na farko sun karɓi riba sau huɗu, 60,000 ke nan a kan 50,000 da suka sa, kowa ya tsira da ƙarin 10,000. Ashirin na biyu sun karɓi 45,000, kowa ya rasa 5,000. Arba'in na uku sun karɓi 30,000, kowa ya rasa 20,000. Ashirin na ƙarshe sun karɓi 15,000 kawai, kowa ya rasa 35,000. Cikin mutum 90, mutum 80 sun yi asara. Ƙarin da goman farko suka samu kuwa, kuɗin maƙwabtansu ne.

Wannan lissafi ma ya yi musu sauƙi, domin mun ɗauka kowa yana karɓar ribarsa a hannu. A zahiri akan lallashi mutane su bar ribar a ciki "ta haihu", wasu kuma su ƙara da kuɗin sayar da akuya ko bashi. Wanda ya yi haka ba ya fita da ko kwabo, ko da yana cikin na farko.

Abin da misalin ke koya mana shi ne, biyan da aka yi wa wani ba shaida ba ce cewa sana'ar gaskiya ce. Biyan farko shi ne tsabar da ake watsa wa kaza. Kuma rushewar ba tsautsayi ba ne. Kowane sabon mutum yana ƙara nauyin abin da za a biya wata mai zuwa, don haka dole masu shiga su yi ta ƙaruwa ba fasawa, kuma babu garin da mutanensa ba sa ƙarewa.

Irin na "kawo mutum biyar"

Akwai wani nau'i da ake gaya wa mutum a fili cewa samunsa yana wurin kawo waɗansu. Ka biya kuɗin shiga, ka kawo mutum biyar, su ma kowa ya kawo biyar, wani kaso na kuɗinsu yana hawowa wurinka. Ana kiransa tsarin dala, domin sama tsini ne, ƙasa faɗi. Wani lokaci akan haɗa da ɗan kaya, kamar sabulu ko maganin ƙarin lafiya mai tsada, don abin ya yi kama da ciniki.

Mu lissafa. Hawa na fari mutum 5, na biyu 25, na uku 125, na huɗu 625, na biyar 3,125. A hawa na biyar kawai an wuce yawan mutanen ƙauyuka da dama. A hawa na goma sha biyu ana bukatar mutum fiye da miliyan 244. Kuma duk inda abin ya tsaya, wajen mutum huɗu cikin biyar suna hawan ƙasa, sun biya, ba su da kowa a bayansu. Tambayar da za mu yi ita ce: in ban kawo kowa ba, sayar da kayan kaɗai zai ba ni riba? Mutanen da ba sa cikin tsarin suna sayen kayan a wannan farashi? In amsar a'a ce, kuɗin shiga ake ci, kayan rufa ido ne.

Alama ta fari: riba mai yawa da ba ta motsi

Dukanmu mun san sana'a. Wanda ya ajiye buhunan masara yakan ci riba wata shekara, wata shekara kuma farashi ya faɗi, kamar yadda masu ajiyar hatsi da yawa suka gani a 2025. Mai kiwon kaji yana fama da cuta da tsadar abinci. Babu sana'ar gaskiya da ke ba da riba iri ɗaya kowane wata, rani da damina. Wanda ya ce ribarsa tabbas ce, babu faɗuwa, ya riga ya faɗi abin da ba ya yiwuwa.

Mu kuma auna girman alkawarin. Naira 10,000 da ke ƙaruwa da kashi 30 kowane wata, in ba a taɓa ta ba, za ta kai wajen 233,000 a shekara ɗaya, ta wuce miliyan 5 a shekara biyu, ta wuce miliyan 126 a shekara uku. Mai irin wannan sana'a ba ya bukatar kuɗin gyaɗar gwauruwa. A 2024, shekarar da kuɗin ruwa ya yi tsada ƙwarai a Najeriya, bankuna suna ba 'yan kasuwa rance a wajen kashi 30 cikin ɗari a shekara. Me zai sa mutum ya bar banki, ya zo ya ranci namu a kashi 30 a wata? Banki zai duba littattafansa, mu kuwa ba za mu duba ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Alama ta biyu: ba a iya nuna sana'ar

Mu tambaya a sauƙaƙe: me kuke saya, wa kuke sayar wa, ina wurin yake? Mai gaskiya zai iya kai mu gonar ko shagon, ya nuna lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Mayaudari zai amsa da manyan kalmomin Turanci, ko ya ce sirrin kamfani ne, ko ya nuna mana lambobi suna hawa a fuskar waya. Lambar da ke waya rubutu ne kawai, wanda ya yi manhajar yana iya rubuta abin da ya ga dama. Kuɗi sai ya shigo hannu yake zama kuɗi. Haka kuma in aka ce mu tura kuɗi cikin asusun wani mutum da sunansa, ba na kamfani ba, mu tsaya nan.

Alama ta uku: lada don kawo mutane, da gaggawa

In an fi ba da ƙarfi ga "kawo 'yan'uwanka" fiye da bayanin sana'ar, to sabbin mutane su ne sana'ar. Tare da wannan akan zo da gaggawa: "Ranar Juma'a za a rufe rajista," ko "Kada ka gaya wa maigida tukuna, sai riba ta fito." Abin kirki ba ya lalacewa don an kwana bakwai ana tunani da shawara a kansa.

Alama ta huɗu: takardar da ba ita ba ce

Sukan rataye takarda a bango su ce gwamnati ta san da su. Mu duba wace takarda ce. Ta hukumar CAC tana nuna an yi wa sunan kamfani rajista ne kawai, kamar yadda mai shagon ɗinki ma zai iya yi. Ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ne. Takardar SCUML, wadda ke ƙarƙashin EFCC, ita ma ba izinin ba ce. A Najeriya mai karɓar ajiya yana bukatar lasisin Babban Banki, wato CBN, mai juya jarin jama'a kuma sai da rajistar hukumar SEC. Ana iya duba sunayen masu rajista a shafin sec.gov.ng, kuma wani matashi mai waya a cikinmu zai iya taimakawa. A duba sunan harafi da harafi, gama wasu sukan ari suna mai kama da na kamfanin gaskiya.

Bambancin yana da nauyi. In bankin da ke da lasisi ya rushe, NDIC tana biyan mai ajiya har iyakar da aka sa, wadda a 2024 aka ɗaga zuwa Naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Wanda ya sa kuɗi a wurin da ba shi da lasisi ba shi da wannan kariya.

Alama ta biyar: fitar da kuɗi ya fara wuya

Wannan ita ce alamar cewa ƙarshe ya kusa. Ana jinkirta biya, ana canja dokoki, ana ƙara riba ga wanda ya yarda ya bar kuɗinsa wata shida, ko a fito da garaɓasa ta musamman don jawo sabon kuɗi. Daga baya a ce sai mutum ya biya wani abu kafin a buɗe masa asusunsa. Bayan rushewar CBEX an nemi mutane su biya dala 100 ko 200 wai don tantancewa. Duk wanda ya ce mu kawo kuɗi kafin ya ba mu kuɗinmu, yana neman ya ci mu sau biyu ne.

Ina bambancinsa da adashi?

Wasu sukan ce ai wannan ma kamar adashi ne. Ba haka ba ne. A adashi, mata goma suna zuba 5,000 duk wata, kowace ta kwashi 50,000 in layi ya zo kanta. Abin da ta zuba shi take ɗauka, ba a yi mata alkawarin ƙari ba, kuma adashin zai kammala ba tare da an nemo ta goma sha ɗaya ba. A ƙungiyar ajiya da rance kuwa akwai ƙari, amma kowa ya san inda ya fito: ɗan ruwan da membobi suka biya a kan rancen da suka ɗauka, an rubuta a littafi, ana ƙirga kuɗin a gaban kowa. Ma'aunin ke nan: in aka rufe ƙofa yau, ba sabon mai shiga, kowa zai sami nasa?

Abin da ya shafi ikkilisiya

Masu wannan zamba suna son wurin da mutane suka amince da juna. Sukan fara jawo wanda ake girmamawa, su biya shi da kyau a kan lokaci, domin sun san mutum hamsin za su bi bayansa ba tare da tambaya ba. Sukan ba da gudummawa mai tsoka a ranar godiya ko ta ginin majami'a, su sa addu'a a farkon taronsu. Wannan bai canja lissafin akwati ba. In abin ya rushe kuwa, ba kuɗi kaɗai ake rasawa ba: wanda ya kawo da wanda aka kawo sukan daina gaisawa, har wasu su bar zuwa sujada don kunya.

Saboda haka yana da kyau majalisar dattawa ta tsai da shawara tun kafin a zo. Kada a ba da sanarwar wani jari a lokacin sujada ko a taron zumunta. Kada a sa kuɗin baiko, na gini, ko na ƙungiyar mata da matasa a wurin da ba a tabbatar da lasisinsa ba, kuma kada mutum ɗaya ya iya fitar da kuɗin ƙungiya shi kaɗai. Mu kuma sani cewa dokar zuba jari da aka sa wa hannu a 2025 ta haramta irin wannan tsari a fili, ta tanadi tara mai yawa da ɗauri ga masu gudanar da shi da masu tallata shi.

In mun riga mun shiga

Kada mu ƙara ko sisi, kada kuma mu kawo wani don mu fanshe namu, gama hakan tura asararmu ne kan maƙwabci. Mu nemi uwar kuɗinmu yanzu, mu ƙi duk wani tayin barinta a ciki. Mu adana rasit, saƙonnin waya da lambar asusun da muka tura wa kuɗi. Mu gaya wa waɗanda muka kawo abin da muka gane, tun suna iya neman nasu. Waɗanda abin ya shafa su haɗu su kai ƙara wurin 'yan sanda, EFCC ko SEC. Gaskiya ita ce ba kasafai kuɗin ke dawowa duka ba, amma kai ƙara da wuri yakan hana a ci ƙauye na gaba. Sauranmu kuma kada mu yi wa wanda ya faɗa ciki dariya. Malamai, ma'aikatan banki da 'yan kasuwa ma sun faɗa, kuma tsoron dariya ne ke sa mutane yin shiru har a ci wasu.

Aikin ƙungiya

A zaɓi mutum ɗaya ya riƙe ƙwarya, waɗansu 14 kuma kowa ya riƙe ƙwayar wake 10. A zagaye na fari mutum 2 su zuba nasu, mai ƙwarya ya ba kowannensu 3. A na biyu mutum 4 su zuba, ya ba duka shidan uku-uku. A na uku sauran 8 su zuba, ya ba duka 14 uku-uku. Sa'an nan kowa ya nemi gomansa. Ana bukatar 140, amma 74 za a tarar a ƙwaryar.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A wasan wake, daga ina "ribar" mutum biyun farko ta fito?
2. Wace riba sana'o'in da muke yi suke kawowa a shekara mai kyau, wace kuma a shekara marar kyau? Yaya take in an gwada ta da kashi 30 a wata?
3. In wanda muke girmamawa ne ya kawo mana irin wannan tayi, da waɗanne kalmomi za mu yi masa tambaya ba tare da mun ci mutuncinsa ba?
4. Wa za mu sa a cikinmu ya riƙa duba lasisin duk wanda ya zo neman kuɗin jama'a?
5. Ta yaya za mu taimaki iyalin da suka rasa kuɗin taki ko kuɗin makaranta ta wannan hanya, kafin damina ta sauka?